Kan mutum ɗaya, jikin wani: yadda na haɗa wuya, kwala da hannu da fuskar da aka sauya

Aikin ya zo mini ne da hoto guda na ma'aikatan wani ofis, su goma sha ɗaya, sun jeru a inuwar gini da hantsi. Ranar da aka ɗauki hoton shugaban sashensu yana kan tafiya, sai mai hoton ya sa wani abokin aikinsu mai irin tsayinsa da faɗin kafaɗarsa ya tsaya a gurbinsa, da farar riga mai kwala, an buɗe maɓallin sama guda ɗaya, ya ɗora hannu kan hannu a gaba. Da shugaban ya dawo aka ɗauke shi shi kaɗai a cikin ɗaki, kusa da taga, ga kuma ƙwan fitila mai haske rawaya a sama. Dukansu biyu sun san da maganar kuma sun yarda, ni dai nawa shi ne in ɗora kan wannan a jikin wancan.

Kafin ya iso hannuna wani ya riga ya gwada. Yankan da ya yi ba laifi, gashin ya fita tsaf, girman kan ma daidai. Amma ko yaro ya kalla zai ce liƙi ne. Matar da ta kawo aikin cewa ta yi, "Malam, ni ban san abin da ya faru ba, amma kai ka ce an ɗora masa kai a kan sanda." Gaskiyarta. An yanke kan ne daidai muƙamuƙi, fuskar ta yi ja-ja kamar mai zama gaban murhu, wuyan ƙarƙashinta kuwa fari-fari ne mai sanyin launi, kuma babu ko ɗigon inuwa tsakaninsu.

Kuskuren wanda ya fara aikin shi ne ya ɗauka matsala ɗaya ce, wato kalar fuska ba ta yi daidai da ta wuya ba, sai ya yi ta jan fuskar zuwa kalar wuyan har mutumin ya fara fita daga kamanninsa. Alhali matsala biyu ce, kuma kowacce da inda ta dosa. Hasken da ke kan fuskar na ɗaki ne, dole ya koma hasken wurin da sauran mutanen suke tsaye. Fatar da ke wuya da hannu kuwa ta wani mutum ce, wanda ya fi shugaban haske sosai, dole ita ta koma fatar mai fuskar. Fuska tana bin hasken wuri, jiki yana bin fatar mai shi. Idan aka cuɗa biyun a gyara ɗaya, ba a samun ko ɗaya.

Abu na farko da na duba ba launi ba ne, inda haske ya fito ne. A hoton taron hasken yana saukowa daga sama ta hagu, mai laushi, don sararin sama ne ke bayar da shi, ba rana kai tsaye ba. A hoton da aka yi amfani da shi da farko taga tana dama. Babu gyaran kala da ke magance wannan. Wasu sukan juya fuskar kamar a madubi, ni ba na so, domin fuskar mutum ba ta zama iri ɗaya hagu da dama, wanda ya san shi zai ji wani abu ya sauya ko bai iya faɗin mene ne ba. Na nemi a turo mini duk hotunan da aka yi masa ranar, cikin guda biyar na sami ɗaya da ya juya, taga ta koma hagunsa a hoto. Da shi na yi aiki.

Inda aka yanka

Na sake yankan, amma ba a muƙamuƙi ba. A hoton ɗakin yana sanye da farar singileti mai zagayayyen wuya, don haka akwai wuyansa na gaske kamar faɗin yatsu biyu a ƙasan gemu. Na ɗauko shi gaba ɗaya. Gefen muƙamuƙi wuri ne da ido yake bi da kansa, duk ɗinkin da aka yi a nan sai ya fito. Wuyan nasa kuma yana ɗauke da jijiyoyin nan biyu masu saukowa daga bayan kunne zuwa ƙashin ƙirji, waɗanda ke nuna inda kai ya karkata. Idan kai ya kalli gefe kaɗan amma wuyan na wanda ya kalli gaba sak ne, mutum sai ya yi kama da ɗan tsana.

Daga nan na kwafi kwalar rigar daga hoton taron na maida ita leya ta kanta, wato shimfiɗa daban da ake gyarawa ba tare da an taɓa sauran hoton ba, na ɗora ta a saman wuyan. Tsarin ya zama jiki a ƙasa, kai da wuya a tsakiya, kwala a sama. Da haka gefen wuyan hagu da dama ya shige ƙarƙashin kwala kamar yadda yake a zahiri, ba sauran ɗinki a wurin. Wuri ɗaya kawai ya rage da fata ta haɗu da fata, ƙasan zakaran wuya, inda buɗaɗɗen maɓalli ya bar ɗan ƙirjin wanda ya tsaya a gurbi. Nan ne ainihin aikin.

Farar riga ce shaida

Ido ba abin dogaro ba ne a wannan mataki. Ka kalli fuska mai ja minti biyar, sai ka daina ganin jan. Don haka awo nake yi. A Photoshop na ɗauki Color Sampler Tool, na sa Sample Size a 11 by 11 Average don kada ɗigo ɗaya ya yaudare ni, sannan a Info na sa ya riƙa nuna mini Lab Color. Ina son Lab ne saboda ya raba abubuwan da nake son rabawa: L haske ne daga 0 zuwa 100, a yana tafiya daga kore zuwa ja, b daga shuɗi zuwa rawaya.

Sa'ar da na yi ita ce akwai farin yadi a hotuna biyun. Farin yadi yana ɗaukar kalar hasken da ya faɗo masa, ba ya ɓoyewa. Singiletin ta nuna L 90, a 2, b 14, wato hasken ɗakin rawaya ne ƙwarai, abin da ake tsammani idan hasken ƙwan da ke wajen 3000 a Kelbin, ma'aunin kalar haske, ya gauraya da na taga. Kwalar kuma ta nuna L 88, a 0, b −6, shuɗi-shuɗin inuwar waje, wadda takan kai Kelbin 7000 ko fiye. Tazarar 20 ke nan a b tsakanin farin nan da farin can. Wannan tazarar ce ta sa fuskar ta yi ja-ja kamar mai zama gaban murhu.

Na saka Curves, layin da ake lanƙwasawa don sauya haske ko launi, a kan leyar kai, na maƙale shi da ita kaɗai da Ctrl+Alt+G, na shiga kowace tasha ta launi, wato R ta ja, G ta kore, B ta shuɗi, na kai farin singileti zuwa farin kwala:

```
R  240 → 214
G  224 → 221
B  200 → 232
```

Kuncinsa, wanda da farko yake L 46, a 16, b 24, ya dawo L 44, a 11, b 14. Nan take kan ya shiga cikin hoton, amma sai na ga ya yi toka-toka, kamar wanda bai shafa mai ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin fararen riguna da garin sabulun wanki suna da wani sinadari mai ƙara fari, wanda ke karɓar hasken rana da ido ba ya gani ya mayar da shi shuɗi. A waje irin wannan riga tana nuna shuɗin da ya fi na hasken wurin. Ashe wani kaso na −6 ɗin nan na rigar ne, ba na sama ba. Sai na koma ga shaidu na biyu, fuskokin mutane uku da ke tsaye kusa da shi masu fata irin tasa. A kuncinsu b yana fin a da 5 ko 6, nasa kuwa da 3 kawai. Na rage tashar B daga 232 zuwa 224, kuncin ya tsaya a L 44, a 11, b 16, jini ya dawo fuskar.

Wani abu game da inda ake ɗora ma'auni, musamman a fata mai duhu: kada a ɗora shi kan ƙyallin goshi ko tsinin hanci. Ƙyalli ba kalar fata ba ce, hoton fitila ne ko na sama da fatar ta haska kamar madubi. A ɗora a tsakiyar kunci, inda ba ƙyalli ba inuwa. Ƙyallin goshin nasa ma sai da na bi shi daban da ɗan buroshi, don ya rage rawaya, tunda na maƙwabtansa duk yana da shuɗi-shuɗin sama.

Daga nan ban sake taɓa kalar fuskar ba. Ta zama ma'auni, sauran jiki ne zai zo wurinta.

Wuya da ƙirji

Mutane da yawa suna ƙoƙarin sa wuya ya yi lamba ɗaya da kunci. Ba haka jikin mutum yake ba. Kunci da hanci da kunne sun fi wuya ja, don jini ya fi kusa da fata a can, wuya kuma yana zaune a ƙarƙashin rumfar haɓa, ya fi duhu. Wuyan da ya yi daidai da kunci cif yana fitowa kamar roba. Abin da ake nema shi ne dangantakar da ke tsakaninsu a jikin wannan mutumin, kuma ina da ita a hannu: wuyansa na gaske, bayan gyaran haske, ya nuna L 36, a 9, b 14. Ɗan ƙirjin wanda ya tsaya a gurbi kuwa L 54, a 12, b 21. Tunda ƙirji ya fito daga inuwar haɓa yana samun haske fiye da saman wuya, na sa wa kaina in kai shi wajen L 39, a 9, b 15.

Haske na fara gyarawa, kuma ba tare da ganin launi ba. Na shimfiɗa leyar toka zalla a saman komai na sa ta a Color, hoton ya koma baƙi da fari. A haka ɗinkin ya fito ɓaro-ɓaro, duhu a sama, haske a ƙasa. Na zagaye fatar ƙirjin, na sa mata Curves a yanayin Luminosity, na ja tsakiyar layin ƙasa har L ta sauka 39. Yanayin Luminosity ɗin yana da dalili: idan aka bar shi a Normal, lanƙwasa layin yana taɓa ƙarfin launi ma, fata ta koma kalar jar ƙasa, ka shiga gyaran abin da kai ka ɓata. Da ɗinkin ya ɓace a baƙi da fari, sai na juya leyar tokar zuwa Luminosity, wanda ke shafe haske da inuwa ya bar launi tsirara. Nan na ga ƙirjin ya fi wuyan rawaya da kauri. Curves na biyu a yanayin Color, an ɗaga shuɗi kaɗan an rage ja, sai Hue/Saturation da ya rage ƙarfin launi, lambobin suka zo inda nake so.

Akwai Match Color a ƙarƙashin Image > Adjustments, wanda ke yin irin wannan da dannawa ɗaya. Na gwada shi, kamar yadda nakan yi don in ga inda zai kai ni. Yana ɗaukar matsakaicin abin da aka zagaye ne, ya haɗa inuwar haɓa da gashin gemu a lissafi, sai ya ba ni ƙirji mai duhun da ya wuce kima. Yana da amfani a fata mai faɗi, a ɗan lungu irin wannan hannu ya fi.

Ɗinkin kansa na narkar da shi da buroshi mai laushi a kan Layer Mask, abin da ke ɓoye wani sashe na leya ko bayyana shi, faɗin buroshin kamar fiksil 25, kuma ban bi miƙaƙƙen layi ba, na bi wata lanƙwasar fata da ke ƙasan zakaran wuya.

Duk da haka da na ja baya na kalla, kan yana shawagi. Kala ta yi, amma kai da riga ba su san da juna ba. Abin da ke haɗa abubuwa biyu a hoto shi ne abin da kowanne ya yi wa ɗan'uwansa, kuma a nan na fi daɗewa.

Gemun shugaban ya fi haɓar wancan faɗi da tsawo, don haka inuwar da ke kan rigar ta yi masa kaɗan. Tunda haske daga sama ta hagu yake, inuwar za ta faɗi ƙasa ta dama, ta hau reshen kwalar da ke dama. Ban zana ta da baƙi ba, baƙi a kan farar riga datti yake zama. Na yi Curves mai rage haske, na rufe shi gaba ɗaya, na riƙa buɗe shi da buroshi a hankali, Flow a 3%. Yadda gefenta zai yi laushi da kalar da za ta ɗauka kuwa ban ƙirƙira ba, na kwaikwayi ta mutumin da ke kusa da shi, shi ma mai gemu da farar riga. A cikin hoton taro amsar kusan kowace tambaya tana tsaye a gefen mutumin da kake gyarawa.

Sai siririyar inuwar da ke inda kwala ta taɓa fata. Ita ba ta bin inda haske ya fito, tana nan ne saboda haske ba ya shiga matsi. Faɗinta bai wuce fiksil biyu zuwa huɗu ba a wannan hoton, mai duhu a bakin kwala, tana ɓacewa da sauri. Ƙanƙanuwa ce, amma da na kashe ta na kunna, ita ce ta fi kowane gyara zaunar da kan.

Farar riga kuma ba karɓar inuwa kawai take yi ba, tana mayar da haske sama. Ƙasan muƙamuƙin duk masu farar riga a hoton yana da ɗan haske mai sanyi daga ƙasa. Na ƙara masa nasa kaɗan, L ta hau da 3 a gefen muƙamuƙin dama. Fata ma tana rina cikin kwala. A bakin kwalar ta ciki akwai ɗan ɗumin launi mai haske, wanda fatar wancan ta bari, na rage masa haske ya dace da sabon wuyan. A wurin ne kuma na kama wani siririn layi mai haske, ragowar tsohuwar fata da zagayen bai kama ba. Na faɗaɗa zagayen da fiksil ɗaya ta Select > Modify > Expand, ya tafi.

Hannaye

Nan ne aka fi kama masu irin wannan aiki, don hankali yana kan wuya, a manta da cewa jiki yana da wata fatar a ƙasa. Bayan hannun ya nuna L 57, a 13, b 21, kusa da fuska mai L 44. Na tambaya ko akwai hoton shugaban da hannunsa ya fito, aka turo wani na waya. Kalarsa ba ta da amfani a wurina, dangantaka kawai nake so: bayan hannunsa ya ɗan fi kuncinsa duhu, da kamar maki biyu. Sai na nufi L 42, a 10, b 16.

Gwajin farko ya lalace. Na ja hasken ƙasa gaba ɗaya, hannun ya zama kamar an shafa masa fenti. Dalili shi ne na rage ƙyallin tare da fatar, alhali ƙyalli daga saman fata yake fitowa, kusan ƙarfinsa ɗaya ne ko fatar mai haske ce ko mai duhu. Shi ya sa a fata mai duhu ƙyalli ya fi fitowa fili. Na koma kan Curves na kafa ɗigo a saman layin don wurare masu haske su tsaya inda suke, na ja tsakiya da ƙasa kawai, hannun ya dawo da rai. Farce na cire su daga gyaran, haka gefen tafin hannu da ya leƙo, shi rabin gyara na ba shi don tafin hannu ya fi bayansa haske sosai a mai duhun fata. Gaɓɓan yatsu kuma na ƙara musu duhu kaɗan. Maki 15 na sauke a nan, kuma a ganina na kusa iyaka. Da tazarar ta haura 20 da na ce a sake ɗaukar hannun mai shi, domin daga nan fata takan fara rasa ƙananan bambance-bambancen da ke sa ta zama fata.

Saura kaifi. Kan ya fito daga hoton da tsayinsa ya kai fiksil 1800, an matse shi zuwa 420, ya fi kowace fuska a jerin kaifi da santsi. Gaussian Blur a 0.6 ya sauko da shi daidai da maƙwabta. Sannan na yi leyar toka a yanayin Overlay, na zuba mata Add Noise a 2%, na maƙale ta da kan kaɗai, har yashi-yashin da ke kuncinsa ya yi kama da na rigar idan an zuƙo 200%.

Kafin in miƙa aiki ina juya hoton gaba ɗaya hagu zuwa dama, don ido ya gan shi sabo, ina kuma ƙanƙantar da shi ya koma kamar tambarin wasiƙa, inda kan da ya fi jiki haske ko ja yake tsalle ya fito. A wannan karon ƙanƙantarwar ta tona kunnen dama. Hasken ƙwan ɗakin ya ratsa shi ta baya ya bar shi ja jawur, abin da ba zai faru a inuwar gini ba. Na rage masa jan, wato a, da maki huɗu. Na fitar da JPEG, na tura wa kaina a waya na duba a can ma, saboda matsewar da manhajojin aika saƙo ke yi takan fito da ɗinkin da babban allo ya ɓoye. Bai fito ba.

Kwana biyu bayan haka matar ta kira ni tana dariya. Ta ce shugaban ya daɗe yana kallon hoton, ya zuƙo wuyan, ya zuƙo kwalar, bai ce komai ba. Can ya nuna ƙasa ya ce, "Hajiya, wuyan dai nawa ne, hannun ma na yarda. Amma ni tun da nake ban taɓa ɗaura agogo a dama ba." Na buɗe fayil ɗin na cire agogon, na cike wurin da fatar tsintsiyar hannun daga ɗan sama, sannan na ja hannun rigar ya sauko kaɗan ya rufe sauran.